Fayil ɗin Tsintsiya

Duk wanda ya yi hulɗa da wannan ofishi namu na Dutse a shekarun nan ya san Malam Tasi'u, ko bai san sunansa ba ya san littafinsa. Shi ne akawun rajista, ɗakin da kowace takarda ke shiga kafin ta hau sama wurin manya, ta nan kuma take saukowa. Mutum ne siriri mai tabarau, ga biro biyu a aljihun gaba, shuɗi na shigowar fayil, ja na fitarsa. Kullum daga Kiyawa yake zuwa a kan tsohon baburinsa, kullum kuma shi ne na ƙarshen tashi. Idan ka gaishe shi zai amsa da fara'a, amma idan ka ce masa ka kawo takarda jiya, sai ya buɗe littafi tukuna kafin ya yarda an yi jiyan.

Ba haka aka haife shi ba. Shekarar da aka ƙirƙiro jiha, aka loda fayiloli a motar ɗaukar kaya daga Kano zuwa Dutse, akawun da ya miƙa masa aiki ya ba shi takarda mai hatimi da sa hannu, an rubuta cewa an kawo komai, babu saura. Tasi'u sabo ne a rajista a lokacin, ya sa hannu a ƙasa da murna. Bayan wata bakwai aka tsinci buhu guda na fayiloli a bayan kabad. A cikinsu akwai na wani ma'aikaci da ya nemi izinin tafiya ƙaro ilimi, ya yi ta zarya har gurbin ya wuce shi. Mutumin bai zage shi ba, tsayawa kawai ya yi a bakin taga ya dube shi ya tafi. Takardar tuhuma ta zo, ta wuce, amma wannan kallo bai wuce ba. Tun daga ranar, duk takardar da ta ce babu saura, Malam Tasi'u ba ya kallonta da ido biyu na aminci.

Shekara goma sha biyu yana wannan aiki da hannu. Ana tashi ƙarfe huɗu, shi sai ya rufe taga ya bi littafinsa layi-layi, ya ƙirga wanda ya hau, ya ƙirga wanda ya sauko, ya zagaya ofisoshi yana leƙen teburan manya. A masallacin ofis yake la'asar, sau da yawa a hanya yake magariba. Matarsa ta daina tambaya.

Ana nan aka kawo kwamfuta, lokacin da gwamnati ta shiga raba su ofis-ofis. Aka ajiye ta a kusurwar rajista da firintarta, aka lulluɓe da ƙyalle, aka kuma sa Na'ima a kanta. Na'ima 'yar Jahun ce, mai buga takardu, ba ta cika shekara biyu a aiki ba, don haka ba a tabbatar da ita ba tukuna. Ba ta da yawan magana. Tana ce masa Baba, kuma ba ta zama da safe sai ta gaishe shi.

Aikin ba shi da wuya. Takarda ta zo, Malam Tasi'u ya buga mata hatimin kwanan wata, ya sa ta a fayil mai lamba. Na'ima ta shigar da lambar, da abin da takardar ta ƙunsa, da ranar, da sunan wanda fayil ɗin yake hannunsa. Idan zai hau sama, Gwadabe, tsohon masinjan ofis, ya kai shi, wanda ya karɓa ya sa hannu a 'yar takarda, Gwadabe ya dawo da ita, sai Na'ima ta sauya sunan mai riƙe da shi. Ba ta sauya suna sai ta ga sa hannu. Idan an gama da shi, wasiƙa ta fita ko babba ya rubuta a gefe cewa a rufe, sai ta rufe. Ƙarfe uku na kowace rana kuwa, ranar Juma'a ƙarfe goma sha biyu, ba tare da kowa ya taɓa ta ba, na'urar kan bi duk fayilolin da ke buɗe ta fitar da rahoto: duk wanda ya kwana uku na aiki a hannu ɗaya bai motsa ba, ga lambarsa, ga sunan wanda ya danne shi.

Na'ima ta yi masa wannan bayani tun ranar farko, har da misali. Ya ji kwana uku, sauran kuwa ya bi iska, don a lokacin yana duba littafinsa ne yana gyaɗa kai.

Makon farko rahoton ya fito da fayil sittin da uku. Malam Tasi'u ya ji daɗi, don adadin bai yi nisa da nasa ba. Darakta, Alhaji Maharazu, ya sa a riƙa kai masa kwafi kullum, ya kuma ɗauki ɗabi'ar karanta sunaye a gaban mutane. Babu babban da ke son a ji sunansa sau biyu. Sittin ya koma talatin, talatin ya koma tara. Wata Talata, bayan wata huɗu, firinta ta yi 'yar ƙararta ta tofo takarda ɗaya, kusan fara fat. Na'ima ta miƙa masa.

“Baba, yau babu ko ɗaya.”

Ya juya takardar ya duba bayanta.

“Tawada ce ta ƙare?”

“A'a Baba. Ga shi nan a tsakiya, ta ce babu fayil da ke jira.”

“To wa ya gaya mata?”

Gwadabe ya yi dariya har da tari. Na'ima ba ta yi ba. Ta matso ta nuna masa layuka uku na ƙasan takardar: ranar da lokacin da aka buga, adadin fayilolin da na'urar ta duba, ɗari biyu da goma sha huɗu, da lambar fayil na ƙarshe da aka shigar. Ta ce idan yana so ya san ta yi aikinta, waɗannan zai duba. Idan ranar ta yau ce, adadin ba sifili ba ne, lambar ƙarshe kuma ta yi daidai da ta kan hatiminsa, to ta duba ne ba ta samu ba. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa takarda ba ta fitowa sam, sai an ta da janareto, kuma za a ga lokacin ya sauya.

“Ranar da takarda ba ta fito ba, ita ce abin tsoro, Baba. Wannan kam ta fito.”

Ya ce to. Ya ninke takardar, ya jira suka tafi, ya rufe taga ya buɗe littafinsa.

Shi ma bai sami komai ba. Wani zai ce ai shi ke nan, amma ba ku san Malam Tasi'u ba. Ya ce a ransa ko dai ya yi kuskure, ko kuma yau ɗin dace aka yi. Washegari takardar ta sake fitowa fara. Jibi ma haka. Shi kuwa tun da yake bai taɓa ganin ofishin gwamnati da babu abin da ke jira a cikinsa ba, kamar yadda bai taɓa ganin kasuwar Kiyawa ba mutane ba. Tunda na'ura ba ta da gidan da take sauri ta koma, sai zarginsa ya sauka a kan mai gidan zuwa, wato Na'ima.

Ya fara lura da ita. Ya ga ƙarfe huɗu na bugawa take lulluɓe na'urar ta ɗauki jaka, don ta sami motar Jahun. Ya ga yatsunta suna gudu fiye da yadda idonsa zai iya bi. Ya ga wata rana wani jami'i daga sama ya leƙo ya ce mata sannu da aiki da wata murya mai laushi, kuma wannan jami'i shi ne mai fayil goma sha ɗaya a makon farko. Me zai hana ta riƙa rufe fayiloli tun suna kan tebur, sunan kowa ya fita, kowa ya gode mata? Wa zai sani? Littafinsa kansa ya fara zama abin zargi a wurinsa, don 'yan takardun sa hannu ta wurinta suke biyowa kafin su iso gare shi.

A makon ne fom ya zo daga sama. Nan da mako biyu kwamiti zai zauna kan waɗanda za a tabbatar a aiki, kuma akwai gurbin da shugaban rajista zai rubuta abin da ya sani game da Na'ima. Layi biyu daga Malam Tasi'u sun isa su zaunar da ita, sun kuma isa su mayar da ita gida. Ya sa fom ɗin a durowa bai rubuta komai ba.

Ranar Litinin da safe ya ɗana tarko. Takarda ta zo daga ƙaramin ofishinsu na Ringim, suna neman tsintsiya goma, bokiti huɗu da abin kwasar shara. Ya buga hatimi, ya ba ta lamba, Na'ima ta shigar, aka sa a tiren da Gwadabe ke ɗauka ya kai wa mai kula da sito. Da ta fita alwala, sai Malam Tasi'u ya zare fayil ɗin ya tura can ƙasan durowarsa, ƙarƙashin dadduma, ya kulle. Ya zaɓi wannan ne don ya san babu wanda zai rasa gurbin karatu saboda tsintsiya. Lissafinsa shi ne, idan gaskiya ake yi, na'urar za ta yi kuka a kan fayil ɗin. Idan kuwa share komai ake yi, za ta ci gaba da fitar da farar takardarta.

Bai ji daɗin abin da ya yi ba. Shekara goma sha biyu bai taɓa ɓoye fayil ba, yau ga shi yana zaune a kan ɗaya kamar kaza a kan ƙwai.

Litinin takarda ta fito fara. Ya ce ɗaya. Talata ta fito fara, ya ce biyu. Ranar Laraba tun ƙarfe biyu da rabi ya ajiye biro yana kallon agogon bango. Firinta ta yi ƙara, Na'ima ta miƙo masa da hannu biyu.

“Babu, Baba.”

“Babu ko ɗaya?”

“Ko ɗaya.”

Ya dube ta ta saman tabarau, ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba. Shi kuwa a wurinsa wannan sunkuyawa ta zama shaida. Litinin, Talata, Laraba, ga kwana uku cif, ga fayil a durowarsa, ga takarda tana cewa babu. Wani ɓacin rai ya taso masa wanda ya haɗu da daɗin mutumin da zatonsa ya tabbata. Ya tuna buhun bayan kabad, ya tuna mutumin bakin taga.

Nan take ya zaro takarda ya rubuta wa Darakta da hannunsa. Ya ce yana da hujja cewa rahoton ƙarfe uku ba gaskiya yake faɗa ba, kuma mai kula da na'urar tana goge fayilolin da ba a gama da su ba. Ya ba da shawara kada a tabbatar da ita sai an bincika. Ya sa a ambulan, ya liƙe, ya rubuta “sirri” a kai.

Da wani ne, da ya hau sama ya ajiye a teburin Darakta a ɓoye. Malam Tasi'u bai iya wannan ba. A wurinsa takardar da ba ta bi ta rajista ba ba takarda ba ce. Ya buga wa ambulan hatimi, ya ba shi lamba, ya miƙa wa Na'ima.

“Shigar da wannan. Wasiƙar sirri ce zuwa ga Darakta.”

Ta shigar, ba ta tambaya ba. Gwadabe ya kai, ya dawo da sa hannun sakatare, ta sauya suna. Har ta ce masa, “Baba, a sauka lafiya,” da za ta fita.

Ranar Alhamis ya zo da niyyar ba zai yi mata magana ba sai ta aiki. Ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Wajen hantsi ya ji Gwadabe yana cewa Darakta ya dawo daga rangadi yana duba takardu. Malam Tasi'u ya gyara zama yana jiran a kira shi, ba a kira shi ba. Ƙarfe uku ta buga. Firinta ta yi ƙara, kuma a kunnensa ta ɗan daɗe fiye da kullum.

Na'ima ta ɗauki takardar, ta karanta, ta tsaya. Ta je tiren Gwadabe ta ɗaga fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Ta duba kwalin 'yan takardun sa hannu. Sannan ta zo gabansa, ta rage murya don kada Gwadabe ya ji.

“Baba, yau akwai ɗaya. Na Ringim ne, na tsintsiya. Ta ce yana nan rajista tun Litinin, kuma sunanka ne a kai.”

Ya karɓa. Ga lambar, ga ranar, ga Tasi'u Hussaini a rubuce ɓaro-ɓaro, sunan da bai taɓa fitowa a wannan takarda ba ko a makon sittin da uku.

“Me ya sa bai fito jiya ba?” in ji shi.

“Jiya kwanansa biyu ai. Ya shigo Litinin, ya kwana zuwa Talata, ya kwana zuwa Laraba. Yau ne ya cika uku. Shi ne misalin da na ba ka ran nan, wanda ya shigo Litinin, Alhamis yake fitowa.”

Ya tuna. Ba maganar ya tuna ba, bakinta ya tuna yana motsi, shi kuma yana bin layi da jan biro. Mutumin da ya san ana cewa baƙo ya kwana uku, ya kuma san yadda ake ƙirga kwanan, shi ne ya zauna yana ƙirga ranaku a yatsa saboda ɗoki.

“Ko ya faɗa bayan kabad ne?” in ji Na'ima. “Bari mu duba kafin Gwadabe ya kai kwafin sama. In mun same shi, ya kai wa mai sito yanzu, sai in rubuta a ƙasa da biro cewa ya riga ya tafi. Takardar kam ba zan iya sauya ta ba, Baba, amma ka ga ba za a ce komai ba.”

Tana faɗa tana naɗe hannun hijabinta, ta durƙusa tana leƙa bayan kabad, don ta kare masa suna. Kunya ta rufe Malam Tasi'u tun daga kai har ƙafa. Ya zaro mukulli ya buɗe durowa, ya ɗaga dadduma, ya ɗora fayil ɗin a kan tebur.

Ta miƙe ta dubi fayil ɗin, ta dube shi. Gwadabe, wanda bai ji komai ba amma ya ga komai, ya tuna yana da aike a waje.

Malam Tasi'u bai tsaya bayani ba. Ya ɗauki fayil ɗin da rahoton ya hau sama da kansa, ya kai wa mai sito tsintsiyarsa, ya karɓi sa hannu, sannan ya wuce ofishin Darakta. Ya tarar da ambulan ɗinsa a buɗe a kan tebur, an riga an sa wasiƙar a fayil, Alhaji Maharazu yana riƙe da biro.

“Yawwa Malam Tasi'u. Yanzu nake shirin tura wannan ga kwamiti. Magana ce babba. Ina hujjar?”

“Ranka ya daɗe, hujjar a kaina ta faɗo.”

Ya ajiye rahoton, ya faɗi komai yana tsaye, tun daga dadduma har ƙirgan yatsu. Bai rage ba, bai gyara ba. Darakta ya saurara, ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

“Wato ka ɓoye fayil don ka kama ɓarawo.”

“Haka ne, ranka ya daɗe.”

“Ta kuma kama.”

“Ta kama.”

“Da ka yi haƙurin kwana ɗaya, da gwajinka ya yi kyau, har in yaba maka. Gwada ta ba laifi ba ne. Amma ka san da na sa hannu jiya, da yarinyar nan ta tafi? Kwamiti ba ya jiran bincike. Suna ganin tabo suke tsallake suna.”

“Na sani. Shi ya sa na zo roƙo a ba ni takardata in yaga.”

Alhaji Maharazu ya juyo da fayil ɗin ya nuna masa kusurwar sama da bakin biro.

“Wannan mene ne?”

“Lamba ce.”

“Wa ya ba ta?”

“Ni ne.”

“Shekara nawa kana gaya mana takarda mai lamba ba ta ɓata, ba a yaga ta? Ko a kaina ka taɓa ƙin yarda. In na ba ka ka yaga, ran Litinin na'urar za ta fito da sunana. Abin da za a yi, ka rubuta a ƙasa cewa ka janye, ka faɗi dalili. Ni kuma in rubuta a rufe. Ba za ta je kwamiti ba. Gobe ta sauka rajista a rufe ta yadda ake rufe kowace.”

Malam Tasi'u ya dubi fayil ɗin. Ya san yadda ake rufe kowace. Na'ima ba ta rufe fayil sai ta buɗe ta ga rubutun babba da idonta, kuma rubutun yana ƙasan wasiƙar ne.

“Ranka ya daɗe, ba za a iya...”

“Ba za a iya ba.”

Ya karɓi biro ya rubuta. Ranar ya rufe taga kamar kullum, ya buɗe littafinsa, amma bai ƙirga komai ba. Tsofaffin rahotanni ya ɗauko, fararen nan da ya riƙa ninkewa yana jefawa a durowa, ya shimfiɗa su. Ya bi layukan ƙasa ɗaya-ɗaya. Kowace da ranarta, kowace da adadinta, yau ɗari biyu da tara, gobe ɗari biyu da ashirin, lambar ƙarshe kullum daidai da littafinsa. Akwai ɗaya da ta nuna ƙarfe uku da minti arba'in, ya tuna ranar ce janareto ya ƙi tashi da wuri. Duk wannan yana hannunsa tun farko, bai taɓa karantawa ba.

Juma'a da safe ta gaishe shi kamar kullum, ya amsa bai ɗago ba. Ƙarfe goma Gwadabe ya sauko da fayiloli shida, nasa ne na huɗu. Malam Tasi'u ya san launin bangonsa daga nesa. Ta rufe na farko, ta sauya suna a na biyu, ta rufe na uku. Ta buɗe na huɗu.

Ya ga idonta ya sauka ƙasa wurin rubutun Darakta, sannan ya hau sama. Wasiƙar ba ta da tsawo, amma ta daɗe a kai. Ya ga ta sa gefen hijabi ta taɓa ido sau ɗaya. Sai ta juya ga na'urar, ta buga lambar, ta buga ranar, ta rufe, ta ɗora shi a kan na uku ta ɗauki na biyar.

Shi kuwa ya zaro fom ɗin kwamiti. A gurbinsa ya rubuta cewa ya gwada aikinta ta hanyar da bai kamata ba, bai sami kuskure ko ɗaya ba, kuma yana ba da shawara a tabbatar da ita. Ya buga hatimi ya ba shi lamba. Wannan karon bai sa ambulan ba. Ya ba Gwadabe ya ajiye mata, ta shigar, Gwadabe ya hau da shi ya dawo da sa hannu.

Sha biyu ta buga, firinta ta yi ƙararta. Na'ima ta kawo takardar da hannu biyu.

“Babu, Baba.”

Ya gyara tabarau. Bai tsaya a tsakiyar takardar ba, ƙasa ya duba. Ranar ta yau ce, ƙarfe goma sha biyu daidai. An duba ɗari biyu da goma sha ɗaya. Lambar ƙarshe ita ce ta fom ɗin da ya ba da ɗazu. Ya sa hannu ya mayar mata, ya ɗauki littafinsa ya sa a kabad bai buɗe ba, ya ɗauki dadduma da mukullin babur. Gwadabe ya bi shi da kallo baki buɗe, don bai taɓa ganin Malam Tasi'u ya bar taga a buɗe wani ya rufe ba.

“Baba, ba za ka ƙirga ba?” in ji Na'ima. Ba gatse a muryarta, tambaya ce kawai.

“Ta ƙirga.”

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Takardar ta faɗi gaskiya, ya yarda da wannan har cikin ransa. Amma abin da aka shigar mata kaɗai ta sani, kuma akwai abin da babu wanda ya ba shi lamba. Ya dawo ya tsaya gaban teburinta, dattijo da furfurarsa, dadduma a hammata.

“Na'ima, na zalunce ki. Ki yafe mini.”

Ta daɗe tana gyara ƙyallen da take lulluɓe na'urar, tana jan kusurwar da ta riga ta daidaita.

“Ni abin da ya fi yi mini ciwo, Baba, da hannuna na shigar da ita. Har na ce maka a sauka lafiya.”

Ya tsaya nan yana jira, har aka fara kiran salla na farko daga masallacin Juma'a.

“Na yafe,” in ji ta. Ta ɗauki jakarta. “Ka tafi kada ka rasa sahu. Ni zan rufe tagar.”